Dabarata ta ci gwajin baya amma tana cin kuɗina a kasuwa, ina matsalar take?

Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wata dabara a TradingView a kan EURUSD, wato farashin Yuro da Dalar Amurka, kyandir na awa ɗaya. Ina saye idan EMA 11, wato matsakaicin farashi na kyandir 11, ta haye kan EMA 46, RSI mai auna ƙarfin tafiyar farashi ta wuce 57, kuma farashin rufe rana yana sama da EMA 20 ta rana. Sayarwa kuma akasin haka. Stop Loss pip 30, Take Profit pip 30, wato ina fita idan asara ko riba ta kai pip 30, ƙaramin ma'aunin motsin farashi. Na gwada ta a kan 2022 da 2023, ciniki 62, na ci kusan kashi 78 cikin 100. Sai da na yi ta sauya lambobin kafin na dace da waɗannan. Yanzu wata uku ke nan da na zuba kuɗi, asara kawai nake tafkawa. Dabarar ce ta mutu, ko ni ne ban iya gwaji ba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri. Abu na farko, ka dakatar da cinikin yau ɗin nan, kada ka ƙara ko sisi sai ka gama abin da zan faɗa maka. Zatona mafi ƙarfi shi ne dabarar ba mutuwa ta yi ba, tun farko ba ta taɓa rayuwa yadda allon ya nuna maka ba. Amma ba sai ka yarda da zatona ba, domin kana riƙe da shaidar da za ta raba gardama.

Shaidar ita ce wata ukun nan da ka yi kana asara. Ka buɗe tarihin cinikinka na gaske a wajen dillalinka, ka fitar da kowane ciniki da ranarsa da awarsa da farashin shiga da na fita. Sannan ka kunna gwajin a kan waɗannan watanni ukun daidai, ba tare da ka taɓa ko lamba ɗaya ba, ka jera su gefe da gefe. Ɗaya daga cikin abu uku za ka gani. Ko dai gwajin ya shiga wuraren da kai ba ka ga alamar shiga ba, ya kuma tsallake wasu da kai ka shiga ka faɗi, to wannan satar amsa ce: gwajin yana leƙen abin da bai faru ba tukuna. Ko kuma wuraren shiga iri ɗaya ne amma farashin ya bambanta, nasa kullum ya fi naka daɗi, to kuɗin ciniki ne ba ka lissafa ba. Ko kuwa komai ya yi daidai, shi ma gwajin asara ya nuna a wata ukun, to hadda ce: ka koya wa dabarar amsoshin 2022 da 2023, aka canja mata tambaya. Sau da yawa ukun suna haɗuwa wa mutum ɗaya, amma akwai tsarin da ake bi wajen gyara, kuma satar amsa ake fara toshewa, don muddin tana nan duk lissafin da za ka yi a kanta banza ne.

Abin da ya sa na fi zargin satar amsa a naka shi ne sharaɗinka na uku, farashin rufe rana. Ka ɗauki ranar Talata da ƙarfe tara na safe. EMA 11 ta haye, RSI tana 60, saura tambaya ɗaya: ranar ta rufe sama da EMA 20? Wace rana? Ranar kasuwar canji tana rufewa ne da ƙarfe biyar na yamma agogon New York, wato ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare a Najeriya da Nijar, gwargwadon lokacin shekara. Da tara na safe babu mahalukin da ya san inda Talata za ta rufe. Abin da kake da shi a hannu shi ne rufewar Litinin. Amma a tarihi Talatar ta riga ta rufe, lambarta na nan a ajiye, kuma layi ɗaya ya isa ya miƙa wa dabararka ita tun da safe:

```
// wannan yana leƙen gaba
d = request.security(syminfo.tickerid, "D", close, lookahead = barmerge.lookahead_on)
// wannan yana ba da rufewar jiya
d = request.security(syminfo.tickerid, "D", close[1], lookahead = barmerge.lookahead_on)
```

Bambancin `[1]` ne kawai. Na farkon yana nufin kowace safiya ana raɗa wa dabarar inda farashi zai kwana, sai ta riƙa saye a ranakun da suka ƙare sama, tana kauce wa waɗanda suka ƙare ƙasa. Ita ma EMA ta ranar haka za ka yi mata, `ta.ema(close, 20)[1]`. Kuma ko da ba ka rubuta `lookahead_on` ba, akwai sauran tarko: idan ka bar `close` ba `[1]`, a tarihi zai ba ka ranar da ta kammala, amma a kasuwa kai tsaye zai ba ka farashin ranar da ke gudana, yana hawa yana sauka. Ka ga ke nan dabarar da ka gwada daban, wadda kake bi da kuɗinka daban, alhali rubutun ɗaya ne.

Na taɓa faɗawa cikin wannan ramin, shi ya sa nake magana da zafi a kansa. Layin ribar da na samu ya miƙe tamkar an ja shi da rula, ba lanƙwasa ba tangarɗa. Na kwana biyu ina lissafin abin da zan samu a shekara. Da na zo duba cinikin ɗaya bayan ɗaya, sai na lura akwai wata safiya da farashi ke gangarowa sosai, amma dabarar ta saya ba ko ɗar, kuma da yamma kasuwa ta juyo ta haura. Na sake duba wata ranar, haka. Babu abin da ke kan allon a wannan awar da zai sa mai hankali ya saya. Da na ƙara `[1]` na sake kunnawa, layin ya karye ya koma zigzag a kusa da inda ya fara. Tun daga ranar, kyawun sakamako ba ya faranta min rai sai na san daga ina ya fito.

Leƙen gaba yana da wasu ƙofofin. Akwai indiketocin da ba sa tabbata sai bayan lokaci ya wuce: ZigZag tana goge layinta ta sake zanawa, Fractals ba ta tabbata sai kyandir biyu sun rufe bayanta, `ta.pivothigh(5, 5)` kuma sai bayan kyandir biyar. A tarihi za ka ga alamar zaune daram a kan ƙololuwa, amma a ranar da abin ke faruwa babu ita a wurin. Akwai gwaji a kan Heikin Ashi ko Renko, inda farashin kyandir ɗin lissafi ne, ba farashin da wani ya taɓa saye ko sayarwa a kai ba. Idan kuma da Python kake aiki, kuskuren da ya fi yawa shi ne a lissafa alama da rufewar kyandir, sannan a ba ta ribar wannan kyandir ɗin da ya riga ya wuce. Gyaran shi ne a tura alamar gaba da taki ɗaya:

```
df["matsayi"] = df["alama"].shift(1)
df["riba"] = df["matsayi"] * df["close"].pct_change()
```

Har ido ma yana satar amsa. Mai gwaji da hannu da ke jan allo baya, yana ganin abin da ke dama da kyandir ɗin da yake dubawa, zuciyarsa za ta samo masa dalilin tsallake cinikin da ya ga zai faɗi, ba tare da ya yi niyyar ha'inci ba. Magani shi ne Bar Replay a TradingView, ko maɓallin F12 a MetaTrader da ke matsar da allo kyandir ɗaya-ɗaya, ka rubuta hukuncinka kafin ka danna.

Ga gwajin da na fi amincewa da shi don kama kowane irin leƙe, ko wanda ban ambata ba. Ka yanke tarihin a wata rana, a ce ƙarshen Yunin 2023 da tsakar rana, ka kunna dabarar, ka ajiye jerin alamun da ta bayar. Sai ka ƙara mata tarihin har ƙarshen shekara ka sake kunnawa. Duk alamun da suka zo kafin wurin yankan dole su kasance iri ɗaya sak a jerin biyu. Idan ko ɗaya ta ɓace, ko ta matsa, ko wata sabuwa ta ɓullo, to gobe tana shafar jiya a lissafinka. Ka maimaita yankan a wurare huɗu ko biyar, musamman a tsakiyar rana, don a nan ne ɓarnar kyandir na rana ke bayyana.

Bayan ka toshe wannan sai kuɗin ciniki, kuma a nan lissafin gajere ne. Tsakanin tazarar farashin saye da na sayarwa, da kamashon dillali, da zamewar da farashi ke yi kafin odarka ta shiga, mu ƙaddara kowane ciniki yana cin pip 2. Naka zai iya fin haka ko ya gaza, ka duba tarihinka na gaske ka ciro lambar. Da pip 2, cin da kake kira 30 ya koma 28, faɗuwar 30 ta koma 32. Don ka tashi ba riba ba asara sai ka ci 32 cikin 60, wato kusan kashi 53 da ɗigo 3. Idan dabarar tana cin kashi 55, abin da ke shiga aljihunka a kowane ciniki pip ɗaya ne tak. Wanda ke neman pip 10 da irin wannan kuɗin kuwa sai ya ci kashi 60 kafin ya mayar da uwar kuɗi. A cikin `strategy()` akwai `commission_type` da `commission_value` da `slippage`, kuma idan ba ka cika su ba sifili suke. Idan cinikinka na kwana, ka sa kuɗin kwana. Ko asusunka na marasa kuɗin ruwa ne, ka karanta sharuɗɗan, domin wasu dillalan suna sa wani cajin a madadinsa bayan 'yan kwanaki. Ni nakan ninka kuɗin da na ƙiyasta sau biyu in sake gwadawa. Dabarar da wannan ya kashe, ba na sa mata kuɗi.

Akwai wani ƙaramin abu da ya shafe ka kai tsaye. Pip 30 sama da pip 30 ƙasa, kyandir ɗaya na lokacin fitar labarai zai iya taɓa duka biyun. Wanne ya fara taɓawa? Kyandir na awa ba ya faɗa, lambobi huɗu kawai yake da su. Na'urar gwajin zato take yi. Ka nemo irin waɗannan cinikin ka duba su a kyandir na minti ɗaya, ko ka ƙirga su duka a matsayin faɗuwa. A MetaTrader 5 zaɓin `Every tick based on real ticks` yana rage wannan matsalar sosai.

Yanzu hadda, wadda ita ce ta fi wuyar ganewa don ba kuskuren rubutu ba ce, kuma mutum yana yin ta ne yana jin ƙwazo yake yi. Ka ce sai da ka yi ta sauya lambobi. Tambayata: sau nawa? Na san ba ka ƙirga ba, kusan babu mai ƙirgawa, alhali wannan lambar ta fi kashi 78 ɗinka muhimmanci. Tara mutum 1,024 ka ce kowa ya jefa kwabo sama sau goma. Ana sa ran a samu kamar mutum ɗaya da kwabonsa zai faɗi ta fuskar da ya zaɓa tun farko sau goman nan. Idan shi kaɗai aka nuna maka, aka ɓoye sauran 1,023, za ka rantse yana da wani sirri. Lambobinka 11 da 46 da 57 su ne wannan mutumin, sauran da ka gwada ka watsar su ne taron da aka ɓoye.

Mu sa lissafi a kan naka. Tunda Stop Loss da Take Profit ɗinka daidai suke, dabarar da ba ta san komai ba za ta ci kusan rabi. A ciniki 60, sa'a kaɗai tana iya kai wannan rabin ko'ina tsakanin kashi 37 da 63, ba tare da wani abin mamaki ya faru ba. Idan kuma ka gwada dabaru 100 marasa alaƙa da juna, dukkansu na banza, ka zaɓi zakaran cikinsu, ana sa ran ya nuna kusan kashi 66. Ka lura, babu ko ɗaya mai amfani a cikinsu. Shi ya sa na ce maka 78 ta yi yawa a ce sauya lambobi da hannu ne kaɗai ya kawo ta, na fi zaton leƙe ya ɗora nasa a kai. Amma ko bayan ka toshe leƙen ka ga 62 ko 64, kada ka yi murna tukuna, don har yanzu kana cikin gonar sa'a. Masu barin na'ura ta nemo musu lambobi sun fi shiga haɗari: EMA mai sauri daga 5 zuwa 30, mai nauyi daga 30 zuwa 100 ana tsallake ɗaya, RSI daga 50 zuwa 65, haɗuwarsu 14,976 ke nan. Ba yadda za a yi a rasa wadda ta yi kyau a ciki. A 2014 David Bailey da Marcos López de Prado da abokan aikinsu biyu sun nuna cewa mai tarihin shekara biyar, idan ya gwada tsari kusan 45 masu zaman kansu, ana sa ran mafi kyawunsu ya nuna 1 a ma'aunin Sharpe, wanda ke auna riba gwargwadon haɗari, ko da a gaskiya ba shi da wata fa'ida. Shekara biyar ke nan. Kai biyu gare ka.

Kuma biyun ma ba kowace irin biyu ba. A 2022 Yuro ta gangaro daga wajen 1.13 a farkon shekara har ta faɗa ƙasa da 0.96 a watan Satumba, sannan ta juyo ta haura zuwa wajen 1.07 kafin shekara ta ƙare. Tafiya ce doguwa ƙasa, da wata doguwa sama. Irin wannan shekarar dabarar da ke bin hayewar EMA take so, ta fi samun abin kamawa. Ka raba cinikinka 62 wata-wata ka gani. Idan yawancin ribar daga 'yan watanni ta fito, to yanayin kasuwa ka auna, ba dabararka ba.

Yadda ake gane hadda tun kafin a je ko'ina shi ne a ziyarci maƙwabta. Ka bar komai yadda yake, ka mayar da 11 ta zama 9, 10, 12, 13. Ka dawo da ita, ka mayar da 46 ta zama 40, 44, 48, 52. Haka 57 ta zama 53, 55, 59. Ka rubuta sakamakon kowanne. Idan akwai wani abu na gaskiya da dabarar ke kamawa a kasuwa, ba zai ɓace don ka ƙara kyandir ɗaya a lissafin matsakaici ba, maƙwabtan za su yi riba ko da ba ta kai tata ba. Idan kuwa 11 da 46 suna ta walƙiya amma 12 da 48 suna asara, to a kan tsinin allura kake tsaye. Ni ina neman fili mai faɗi ne inda lambobi da yawa ke yin matsakaicin kyau, in zauna a tsakiyarsa, ko da akwai wani tsini can gefe da ya fi shi tsawo. Lambobi irin su 57 ma su kansu suna sa ni tambaya. Welles Wilder da ya fito da RSI a 1978 ya yi amfani da kwana 14 da iyakokin 70 da 30. Ba wai nasa wahayi ba ne, amma wanda ya ce 50 zai iya ba ni dalili: tsakiya ce. Wanda ya ce 57, yawanci dalilinsa shi ne 56 da 58 ba su ba shi abin da yake so ba.

Haka kowane sharaɗi da ka ƙara. Ka tambayi kanka yaushe ka sa sharaɗin rufe rana: tun farko yana cikin tunaninka, ko sai da ka ga wasu cinikai sun faɗi ka nemo abin da zai share su? Sharaɗin da aka ƙirƙiro don goge faɗuwa biyar da aka riga aka gani, waɗannan biyar ɗin kawai ya sani. Ka cire sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da kowanne ke ƙarawa, wanda bai tsinana komai ba ka sallame shi.

Sai babban gwajin, tarihin da dabarar ba ta taɓa gani ba. A ƙa'ida tun kafin a fara ake raba tarihi, a yi gini a kan kashi ɗaya, a kulle ɗayan. Kai ka riga ka ƙone 2022 da 2023, ba za su sake zama shaida a wurinka ba har abada, don da su aka zaɓi lambobin. Amma kana da 2015 zuwa 2021 da ba ka taɓa ba, da abin da ya biyo bayan 2023. Yawan kyandir da TradingView ke buɗe maka ya danganta da irin rajistarka, don haka idan bai kai can ba, ka mayar da dabarar MetaTrader 5, ko ka sauke tarihin farashi na Dukascopy, kyauta ne, ka yi da Python. Kafin ka kunna, ka ɗauki biro ka rubuta dokokin gaba ɗaya, da kuɗin ciniki, da abin da za ka kira cin jarrabawa. Misali: aƙalla ciniki 200, riba bayan kuɗi a shekara biyar cikin bakwai, kuma ribar ta tsaya ko an cire cinikai biyar mafi kyau. Ka rubuta kafin ka gani, don bayan ka gani zuciya za ta sassauta ma'aunin.

Kuma sau ɗaya ake buɗe wannan ƙofar. Nan ne mutane masu gaskiya ma suke zamewa. Mutum ya kunna, sakamako bai yi kyau ba, ya ce bari in ɗan mayar da 57 ta zama 54, ya sake kunnawa a kan shekarun nan dai, ya ga ta gyaru, ya ce ta ci jarrabawar waje. Ba ta ci ba. Daga lokacin da sakamakon waɗannan shekarun ya sa ka canja wani abu, sun shiga cikin hadda su ma.

Idan kana son ka riƙa sabunta lambobi lokaci-lokaci, akwai hanyar yin haka da gaskiya, wadda Robert Pardo ya yaɗa tun farkon shekarun 1990: gwaji mai tafiya gaba. Ka zaɓi lambobi da 2015 zuwa 2017, ka daskarar da su, ka yi ciniki da su a 2018. Ka matsa shekara ɗaya, ka zaɓa da 2016 zuwa 2018, ka gwada a 2019. Haka har ka kai 2024. Sai ka ɗinke shekarun gwajin bakwai kaɗai su zama layi ɗaya, ka watsar da sakamakon shekarun zaɓe. Wannan layin shi ne mafi kusa da abin da da ka samu in da kana yi da gaske. Ka kuma dubi lambobin da kowane zagaye ya zaɓa. Idan bana 10 da 45, baɗi 12 da 50, to akwai natsuwa. Idan bana 6 da 32, baɗi 28 da 96, dabarar ba ta da fuska, kowace shekara sabuwar hadda take yi. A MetaTrader 5 akwatin `Forward` yana yanke maka rabi ko sulusi ko rubu'in ƙarshe na tarihin, zagaye ɗaya ke nan na wannan aikin. A naka lissafin ka sa wa 2022 da 2023 alama, don ainihin tunanin dabarar daga cikinsu ya fito.

Kada ka yi tsammanin sakamakon waje zai kai na ciki. Kusan kullum yana raguwa, kuma raguwar ba laifi ba ce. Abin dubawa shi ne ko akwai saura bayan an cire kuɗi. A ce ka samu kashi 55 a ciniki 300. A wannan adadin sa'a tana iya motsa lambar da kusan maki shida kowane gefe, ke nan kana da alama mai ɗan kyau, ba tabbaci ba, tunda 53 ce iyakar mayar da kuɗinka. Kuma mai cin kashi 55 a ciniki 300, faɗuwa shida ko bakwai a jere abu ne da ya kamata ya sa rai da shi. Idan kana saka kashi ɗaya cikin 100 na jarinka a kowane ciniki, bakwai a jere za su ci kusan kashi 7, za ka iya ci gaba. Idan kashi biyar kake sakawa, kusan kashi 30 sun tafi, kuma a nan ne mutum ke watsar da doka ya fara ramuwa. Akwai ma abin da gwaji ba ya iya nunawa da kyau: ranar 15 ga Janairun 2015 da babban bankin Switzerland ya janye ƙangin 1.20 da ya sa wa EURCHF, wato farashin Yuro da kuɗin Switzerland, farashi ya tsallake Stop Loss ɗin mutane da nisa, wasu suka wayi gari da bashi. Na'urar gwaji takan rubuta maka fita a inda ka sa, kasuwa ba ta yi wannan alkawarin ba.

Abu na ƙarshe da nake roƙonka, ka sayi littafin rubutu na musamman. Duk gwajin da ka kunna ka ba shi lamba, ka rubuta kwanan wata, da abin da ka canja, da dalilin canjin, da sakamakon, har waɗanda suka ba ka kunya. Ranar da wani ya yi kyau, ka dubi lambarsa. Idan shi ne na 6, ka saurare shi. Idan na 214 ne, ka nemi shaida mai yawa kafin ka yarda da shi, sannan ka bi shi a asusun gwaji ko da mafi ƙanƙantar kuɗi har ya tara ciniki 40 ko 50, kana kwatanta kowace shiga da abin da gwajin ya nuna a wannan awar.

Ka fara da jerin wata ukun nan da layin `request.security` ɗinka. Idan ka gyara shi ka sake kunna 2022 da 2023 da kuɗin ciniki a ciki, ka turo min sabon adadin cinikin da kashin da ka ci, da sakamakon maƙwabtan lambobin, mu duba tare kafin ka buɗe 2015 zuwa 2021.